Sikizofireniya: alamomin ƙari, alamomin rashi, da ra'ayin rauni da matsi (tambayoyi da amsoshi)

Waɗannan tambayoyin su ne ɗalibai 'yan aji ɗaya da aji biyu suka fi yi min duk shekara idan muka zo wannan babin, wasu a cikin aji, wasu kuma sai an tashi su biyo ni su ce malam akwai wani ɗan uwanmu a gida. Na haɗa su wuri ɗaya ne, na amsa yadda nake amsawa da baki.

Malam wai sikizofireniya shi ne mutum ya zama mutum biyu a jiki ɗaya?

A'a, wannan kuskuren ya yaɗu sosai kuma sunan ne ya jawo shi. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Eugen Bleuler ne ya ƙirƙiro kalmar a 1908 daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya na nufin tsagewa ɗaya na nufin hankali. Abin da yake nufi shi ne tunani da ji a zuciya da aiki sun daina tafiya tare, kamar igiyar da zarenta ya warware, ba wai mutum ya rabu gida biyu ba. Kafin shi Emil Kraepelin na Jamus ya ɗauki cutar a matsayin lalacewar hankali da ke kama matasa ta yi ta ci gaba, Bleuler ya ga ba kowa ne ke lalacewa haka ba shi ya sa ya sauya sunan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 24 ke ɗauke da ita, wato kamar mutum 1 cikin 300, kuma ta fi fara bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, maza sukan riga mata farawa. Kenan sa'anninku ne.

To me ya sa ake cewa alamomin fozitif? Akwai wani alheri ne a cikinsu?

Babu alheri ko kaɗan. Ku ɗauke shi kamar lissafi, fozitif ƙari, negatif ragi. Alamar fozitif abu ne da aka ƙara wa mutum wanda mai lafiya ba shi da shi, kamar jin murya alhali babu mai magana. Alamar negatif kuma abu ne da mai lafiya ke da shi amma aka ɗauke wa wannan, kamar sha'awar tashi ya yi wanka ya fita, ko motsin fuska idan ana hira. Shi ya sa ni nake ce musu alamomin ƙari da alamomin rashi, idan ka riƙe wannan ba za ka rikice a jarrabawa ba. Tim Crow a Ingila a 1980 da Nancy Andreasen a Amurka a farkon shekarun 1980 su ne suka sa wannan rabon ya zauna da gindinsa a fagen, ita har ma'auni ta tsara na auna kowane kashi daban.

Mene ne ainihin alamomin ƙarin?

Manya guda biyu ne. Na farko halusineshin, wato gaɓoɓin ji su kawo maka abin da babu shi a waje, wanda ya fi yawa a wannan cutar shi ne jin muryoyi. Kuma ku fahimta fa, ba tunani ba ne yake yi a ransa kamar yadda kai kake tuna maganar mamarka, shi da kunnensa yake ji, daga bayan taga ko daga rufin ɗaki, wani lokacin murya ɗaya tana ba da labarin duk abin da yake yi, ga shi nan ya ɗauki buta, ga shi nan ya zauna, wani lokacin kuma biyu ne suna gulmarsa a tsakaninsu. Idan ka ga mara lafiya ya tsaya cak a tsakiyar magana ya karkata kai gefe yana motsa leɓe, sau da yawa amsa yake bayarwa.

Na biyu dilushin, wato imani da wani abu da ba haka yake ba, ya kafe a kai, duk hujjar da ka kawo ba ta motsa shi. Akwai na tsangwama, ana bibiyata, an sa min guba a tuwo. Akwai wanda yake ganin komai da shi ake, mai karanta labarai a rediyo da shi yake, tarin da maƙwabci ya yi sigina ce. Akwai na girman kai, akwai kuma wanda zai ce ana cire masa tunani daga kai ko ana cusa masa wanda ba nasa ba ko kowa na jin abin da yake tunani.

Sai rikicewar magana da ɗabi'a, ka tambaye shi ya kwana ya fara da kwana ya koma kwano ya koma kasuwa, kowace jimla daidai take amma babu zaren da ya haɗa su. Wasu malaman suna sa wannan cikin alamomin ƙari wasu kuma suna ware shi a matsayin kashi na uku, ku duba wanda malaminku ke bi.

Idan mutum ya ce an yi masa sammu ko aljanu ne suka taɓa shi, dilushin ne kenan?

Ba kai tsaye ba, kuma a nan ne ɗalibi mai gaggawa ke tafka kuskure. Ƙa'idar ita ce imanin da jama'ar mutum suka yarda da shi a addininsu ko al'adarsu ba a lissafa shi a matsayin dilushin don kawai likita bai yarda da shi ba. A wajenmu mutane da yawa masu cikakken hankali sun yarda da sihiri da aljanu. Abin da ake dubawa shi ne yadda ya riƙe abin da kuma abin da ya yi wa rayuwarsa. Mutumin da ya ce yana zargin an yi masa asiri, ya je aka yi masa addu'a ya ci gaba da kasuwarsa, daban yake da wanda ya toshe duk ƙofofin ɗakinsa da tsumma, ya daina cin abincin mahaifiyarsa, ya ce fankar silin ce ke kai rahotonsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi 'yan gidan, su da suka yarda da asirin, za ka ji sun ce a'a wannan kam ba irin wanda muka sani ba ne, yaron nan ya canza.

Su kuma alamomin rashin fa?

A nan nake so ku daɗe, domin su ne ake tsallakewa, kuma bincike ya sha nuna cewa su ne suka fi hasashen ko mutum zai iya komawa makaranta ko aiki ko zaman aure, fiye da muryoyin. Guda biyar ake lissafawa yanzu. Akwai mutuwar niyya da ake kira abolishin, mutum ya kasa fara abu ko ya kasa kai shi ƙarshe, ko da wanka ne. Akwai ƙarancin magana, alojiya, ka yi masa doguwar tambaya ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce eh, shi kenan. Akwai daskarewar fuska da murya, ana ba shi labarin haihuwa ko rasuwa fuskar iri ɗaya, muryar ba hawa ba sauka. Akwai raguwar jin daɗi, anhedoniya, sai kuma janyewa daga mutane, wanda da shi ne kan gaba a majalisa yanzu ko sallama aka yi ba ya fitowa.

Matsalar ita ce duk waɗannan suna kama da halin banza a idon wanda bai sani ba. Na taɓa zama da wata uwa a ɗakin jira na wani asibiti, ɗanta na gefe ya sunkuyar da kai hannayensa a kan gwiwa, farcensa sun yi tsawo sun yi baƙi, ta ce min ɗan nan muryoyin sun tafi tun da aka fara magani alhamdulillahi, saura lalaci ne kawai ya rage, sai na yi ta faɗa kafin ya ɗauki soso. Wallahi maganar ta tsaya min a rai, domin tana ƙaunarsa, ita ke kawo shi duk wata, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata Hajiya wannan da kike kira lalaci shi ma cutar ce. Malalaci yana guje wa aikin da ba ya so ne ya tafi wanda yake so, ya bar shara ya tafi kallon ƙwallo. Shi wannan har ƙwallon ya bari.

Wani abin da bincike ya gano kan anhedoniya da nake ganin yana da amfani a aikace, da yawansu idan ka sa musu abin daɗi a gaba, a ce tsire mai zafi, suna jin daɗinsa kusan kamar kowa. Abin da ya raunana shi ne hango daɗin tun kafin ya zo, wato ɗokin da ke sa ka tashi ka taka zuwa wajen mai tsiren. Shi ya sa tambayar kana so mu fita? takan samu a'a, amma idan aka kama hannunsa a hankali aka fita sai ka ga ya ɗan sake.

Ta yaya za a bambanta wannan da ciwon damuwa, tunda shi ma mai damuwa yana janyewa?

Mai ciwon damuwa yawanci zai gaya maka yana cikin baƙin ciki, yana ganin laifin kansa, ya yanke ƙauna, kuma za ka ga ciwon a fuskarsa. Mai alamomin rashi sau da yawa cewa zai yi ba komai, lafiya lau, kuma babu kuka babu ƙorafi, kamar an rage wa fitila lagwani. Amma ana iya samun duka biyun a mutum ɗaya, kuma dole a tambaya, saboda haɗarin kashe kai a wannan cutar babba ne, kusan kashi 5 cikin 100 na masu ita ta haka suke rasuwa.

Akwai kuma abin da ake kira alamomin rashi na biyu, wato waɗanda wani abu ne daban ya haifar da su. Mutum ya ƙi fita don muryoyi sun ce za a kashe shi a waje, wannan tsoro ne. Ko maganin ya yi masa yawa jikinsa ya sandare, tafiya da ƙyar, fuska kamar an ɗaure, wannan illar magani ce kuma idan likita ya gyara adadin takan sauka. Kafin ka rubuta alamomin rashi ka fara cire waɗannan.

Alama ɗaya ta isa a ce mutum na da cutar?

Ba ta isa ba. A tsarin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka wanda ya fito a 2013, ana buƙatar aƙalla biyu cikin biyar, dilushin, halusineshin, rikicewar magana, rikicewar ɗabi'a, alamomin rashi, na tsawon wata guda, kuma dole ɗaya daga ciki ta kasance cikin ukun farko, sannan alamun matsalar gaba ɗaya su kai wata shida tare da faɗuwar aiki ko karatu ko kula da kai. Kuma sai an tabbatar ba ƙwaya ba ce, ba zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa ba ne, ba farfaɗiya ba ce.

To mu zo kan dayatesis da sitires ɗin nan, me ake nufi a sauƙaƙe?

Dayatesis shi ne raunin da mutum ke ɗauke da shi a ɓoye, sitires kuma matsin da rayuwa ke ɗora masa, ra'ayin yana cewa cutar tana fitowa ne idan biyun suka haɗu har suka wuce abin da mutum zai iya ɗauka. Paul Meehl ya kawo tushen wannan tunani a 1962, Zubin da Spring suka faɗaɗa shi a 1977.

Ku tuna katangar laka da damina. Layi ɗaya, ruwa ɗaya aka yi a daren, da safe katangar gida ɗaya ta zube ta maƙwabci tana tsaye. Wanda ya ce ruwa ne ya kayar da ita bai yi ƙarya ba, amma ai ruwan ya daki ɗayar ma. Wanda ya ce tun gini aka yi ta da rauni shi ma bai yi ƙarya ba, amma ai ta yi shekara goma a tsaye da rani ba ta faɗi ba. Katanga mai rauni sosai yayyafi kaɗan ya ishe ta, mai ƙarfi sai an yi ambaliya, wata kuma mai raunin za ta ƙare zamaninta ba ta faɗi ba saboda mai gidan yana yaɓe ta duk shekara ya kuma gyara magudanar ruwa. Wannan yaɓen shi ake kira abubuwan kariya.

Ina hujjar cewa akwai raunin gado?

Irving Gottesman ya tattara binciken iyalai da tagwaye na Turai na shekaru masu yawa a 1991, alƙaluman da ya fitar su ne za ku gani a kusan kowane littafin karatu. A cikin jama'a haɗarin kusan kashi 1 cikin 100 ne a tsawon rayuwa. Idan ɗan uwanka uwa ɗaya uba ɗaya yana da ita, kusan 9. Idan ɗaya daga iyayenka ne, kusan 13. Tagwayen da ba ƙwai ɗaya ba 17, tagwayen ƙwai ɗaya masu kama sak 48.

Wannan 48 ɗin ku kalle shi ta fuska biyu. Daga 1 zuwa 48 tsalle ne babba, gado na aiki ba shakka. Amma tagwayen ƙwai ɗaya kusan duk ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne, da gado kaɗai ne da ya kusa 100, to ina sauran rabin ya tafi? Wannan giɓin shi ne ƙofar da matsi ya shigo ta ciki. Kuma ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, wani babban bincike na 2014 ya gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da cutar, na 2022 ya kai 287, kowanne da ɗan tasirinsa ƙanƙani. Galibin masu cutar ma babu mai ita a cikin iyayensu ko 'yan uwansu na jini na kusa.

Binciken da ya fi nuna haɗuwar biyun a fili shi ne na Pekka Tienari a ƙasar Finlan, sakamakon da aka buga a 2004. Sun bi yaran da iyayensu mata ke da cutar ko wata mai kama da ita amma wasu iyalai daban suka riƙe su, suka kwatanta da yaran riƙo da ba su da wannan gadon, suka kuma auna zaman kowane gida. Yaran da ke da gadon kuma suka tashi a gida mai rikici da yawan suka, kusan kashi 37 sun samu cutar ko wata mai kama da ita. Masu gadon da suka tashi a gida mai natsuwa, kusan kashi 6. Marasa gadon kuwa kusan kashi 5 ne ko a wane irin gida suka tashi. Kun ga katangar nan da ruwan.

Matsin fa, kamar me da me?

Wani tun a ciki yake farawa. A Holan lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar tsananin yunwar sun girma da haɗarin cutar kusan ninki biyu. Wahalar haihuwa da ta hana jariri iskar numfashi ma tana cikin jerin, haka cin zarafi a yarinta, tashi a babban birni, da ƙaura zuwa inda ake ware mutum. Ku lura irin waɗannan na farko-farkon suna iya zama ɓangaren raunin kansa, shi ya sa masana na yanzu ba sa cewa dayatesis gado ne kaɗai.

Sai wiwi. A Suwidin an shafe shekara 15 ana bin matasa sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, sakamakon ya fito a 1987, waɗanda suka sha ta fiye da sau 50 kafin a ɗauke su sun ninka marasa sha kusan sau shida wajen kamuwa. Da aka cire tasirin wasu dalilai adadin ya sauka amma bai ɓace ba. Duk shekara sai wani ya ce min malam ai abokina ya yi shekara biyar yana sha lafiyarsa ƙalau. Eh, katangarsa ce ta jure. Ba wanda ya san ƙarfin tasa kafin ruwan ya sauka, kuma wanda ke da mai cutar a gidansu shi ne ya fi kowa dalilin nisantarta.

Malam a haɗa mana duka a misali ɗaya mana.

Mu ƙaddara tagwaye ne masu kama, Hassan da Usaini, ƙanin babansu ya yi fama da cutar, kenan mu ce raunin gadonsu ɗaya. Wajen haihuwa Usaini ya daɗe bai fito ba ya zo bai yi kuka da wuri ba, raunin nasa ya ɗan ƙaru tun ranar. A shekara 19 Hassan ya zauna a gari yana koyon ɗinki wajen kawunsu, yana kwana a gida. Usaini ya samu gurbi a jami'a mai nisa, ɗaki ɗaya mutum takwas, kuɗin abinci na yankewa, ya faɗi kwas biyu, ya fara kwana biyu uku ba barci yana karatu, abokai suka ba shi wiwi wai tana buɗe kai.

Abin da ya fara bayyana ba murya ba ce. Wata takwas ya yi yana janyewa, ya daina zuwa lakca, ya daina kiran gida, kayansa suka yi datti, aka ce ai yaro ya lalace. Wannan matakin share fage ne, kuma yawanci alamomin rashi ne ke cika shi. Sai a makon jarrabawa ya fara cewa 'yan ɗakinsu sun sa na'ura a soket suna naɗar tunaninsa, yana jin ana kiran sunansa da dare, a nan ne aka kai shi asibiti. Aka fara magani, cikin mako shida muryoyin suka yi sanyi, ya fara shakkar maganar soket ɗin. Amma ya dawo gida ya zauna a ɗaki, magana ɗaya-ɗaya. Idan aka ba ku irin wannan a jarrabawa, ku ware gadon da wahalar haihuwa a matsayin rauni, rashin barci da wiwi da kaɗaici da jarrabawa a matsayin matsi, zaman Hassan cikin dangi da barcinsa a matsayin kariya, kuma kar ku rubuta cewa Hassan ya tsira har abada, raunin na nan tare da shi.

Me ya sa maganin ya kori muryoyin amma ya bar sauran?

Tun daga kulofiromazin da aka fara gwadawa a Faris a 1952, kusan duk magungunan suna aiki ne ta toshe wata mashigar sinadarin dofamin da ake kira D2. Alamomin ƙari suna da alaƙa da yawan aikin dofamin a can cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ƙwayoyi irin amfetamin masu tayar da dofamin kan jawo abu mai kama da su. Alamomin rashi kuwa ana danganta su da raunin aiki a goshin ƙwaƙwalwa inda ake tsara niyya da shiri, toshe dofamin ba ya gyara wannan sosai, idan ya yi yawa ma ƙara dagula shi yake. Abin da ke taimakawa a nan shi ne aikin hannu da hannu, tsarin yini, ƙaramin aiki da zai iya gamawa, koyar da iyali, da haƙuri na watanni.

Wato dai iyaye ne ke jawo wa yaro?

A'a, kuma ina roƙonku kar ku fita da wannan fahimtar. An yi zamani a Amurka ana ɗora wa uwaye laifin cutar, an cutar da mata da yawa, kuma hujja ba ta goyi bayan haka ba. Ko a binciken Finlan ɗin, zai yiwu yaron da ya fara nuna matsala ne ya sa gidan ya rikice, ba akasin haka kaɗai ba. Abin da ya fi tabbata shi ne tasirin gida kan dawowar cutar. Vaughn da Leff a Landan a 1976 sun haɗa alƙalumansu da na George Brown, suka ga cikin wata tara bayan sallama, kashi 51 na waɗanda suka koma gida mai yawan suka da tsangwama ko shisshigi fiye da kima sun sake kwantawa, a gida mai sassauci kuwa kashi 13. Kuma yawancin sukar a kan me ake yin ta? A kan rashin wanka, rashin aiki, kwanciya har azahar, wato alamomin rashi. Muryoyi kowa ya yarda ciwo ne, waɗannan ne ake ɗauka da gangan yake yi. Idan aka bayyana wa iyali, faɗan na raguwa, dawowar cutar ma na raguwa, an gwada an gani. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta inda mara lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan uwansa yana zuwa asibiti da rana.

Ra'ayin yana da rauni? Ana tambayarmu mu yi sharhi.

Yana da shi. Babbar matsalarsa ita ce har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai auna raunin mutum ɗaya kafin ya kamu, sai bayan ya kamu mu ce ashe yana da rauni, wanda bai kamu ba mu ce nasa kaɗan ne, kun ga maganar tana zagayawa ta dawo inda ta fara. Na biyu, raba rauni da matsi ba ya yiwuwa tsaf, saurayin da ya fara janyewa zai iya rasa aikinsa saboda cutar ta riga ta fara, sai mu zo mu rubuta rasa aikin a matsayin sanadi, haka wasu ke cewa game da wiwi ma, kuma akwai alamar wasu ƙwayoyin gadon da ke ƙara haɗarin cutar suna ƙara yiwuwar shan ta. Na uku, ya fi iya bayanin lokacin da muryoyi da dilushin ke tashi da sauka, amma alamomin rashi da kan zauna shekara da shekaru ko da matsi ko babu, bai faɗi abu mai yawa a kansu ba. Idan za ku rubuta sharhi ku kawo alƙaluman tagwaye da na Finlan a matsayin goyon baya, sannan ku kawo waɗannan ukun, kowanne da misalinsa, ku ɗauko daga labarin Usaini idan kuna so.